Kwalba Ɗaya

Tun da mahaifinta ya rasu, Bilkisu ke ɗaukar bokitin ƙuli-ƙuli zuwa makaranta. Tana aji biyu na ƙaramar sakandare a Kurna, cikin Kano, kuma ita ce mai riƙe lissafin sana'ar, domin Umma ta ce ita kanta ba ya ɗaukar lamba. A bayan littafin lissafinta ta ja layi da jan biro: tunkuza naira 3,000, man gyaɗa kwalba ɗaya 1,500, itace 500, leda 200, suga da gishiri da citta 300. Suya ɗaya takan ba su ƙulli 130, kowane naira hamsin. In an sayar duka, dubu ɗaya ce ribar. Umma ta ɗauki ɗari bakwai ta yi cefane, ɗari uku ta faɗa asusun Bilkisu, na takalmin makaranta.

Ba su matse gyaɗa da kansu. Tunkuzar masu inji suke saye, wadda aka tatse ƙarƙaf, shi ya sa in ta shiga kasko sai ta yi ta shan mai kamar ƙasar rani ta samu yayyafi.

Ranar wata Asabar Bilkisu ta miƙa wa Alhaji mai kanti kwalba da kuɗinta. Ya ƙirga, ya turo mata su.

"'Yan mata, ai dubu biyu ne yanzu."

"Alhaji, shekaranjiya fa na saya."

"Shekaranjiya daban, yau daban. Ni ma a Singa haka na saro jarkar. Tun da aka cire tallafin fetur kuɗin mota bai zauna wuri ɗaya ba, gyaɗar ma a Dawanau ta hau. Je ki faɗa wa Ummanki."

Ta koma ta karɓo cikon. A daren ta goge 1,500 ta rubuta 2,000, riba ta koma ɗari biyar. Asusu bai samu komai ba.

Umma ta ce a ƙara kuɗi. Bilkisu ta girgiza kai. Ta san abokan cinikinta: yaran da ake ba naira hamsin ta tara, tsohuwar takarda a dunƙule cikin aljihun wando. In ta ce saba'in, ina canjin ashirin da goma? Kuma ga mai awara a bakin gate, ga mai alawar madara.

Sai suka rage girma. Umma na mulmulawa, Bilkisu na tsaye a kanta tana cewa, "Umma, ki ƙara ragewa." Hannun da ya saba shekara da shekaru ba ya jin magana, in an yi biyar ƙanana, na shida sai ya dawo yadda yake. Da ƙyar suka fitar da ƙulli 140.

Ranar Litinin Maryam, wadda suke benci ɗaya, ta ɗaga ledar sama tana dubawa.

"Bilki, wannan ƙulin naki ciwo ya yi ne? Ya rame."

'Yan aji suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, amma har aka tashi ƙulli goma sha biyu na kwance a bokiti. Biyu daga ciki ƙaninta Sadiku ya cinye da gari da daddare.

Ba a yi wata ba kwalba ta kai 2,500. Umma ta gwada maimaita tsohon mai har sau uku, ƙulin ya fito baƙi yana ɗaci, wata malama ta dawo da nata ta ce a ba ta kuɗinta. Suka koma sabon mai da girman da, domin kada a rasa masu saye gaba ɗaya.

Bayan isha'i Bilkisu ta zauna da fitilar waya ta tara kuɗin a kan tabarma. Ta ƙirga sau biyu: 6,500. Ta haɗa kuɗin kaya: 6,500. Ta daɗe tana kallon lambobin.

"Nawa muka samu?" in ji Umma daga bakin murhu.

"Umma, uwar kuɗi ce kawai ta dawo."

"Hayaƙin da na sha fa?"

Bilkisu ba ta amsa ba. Umma ta goge ido da bakin zani, ta ce Hajiya ta gidan bayansu tana da kaskon suyar gyaɗa da turmi, tun rasuwar kishiyarta ba ta taɓa su ba. In suka sayi gyaɗa tiya biyu suka kai niƙa suka matse da hannu, man nasu ne, har su sayar da ragowa. Sai dai aikin akwai cin ƙarfi, kuma jarin bai kai ba.

Bilkisu ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da asusun ta ajiye a gaban Umma, ta ɗauko taɓarya.

"Takalmin fa?"

"Mai gyara ya ce zai ɗinke na ƙafata a ɗari biyu. Umma, matsa kar ɓaraguzai su same ki."