Sanarwa ga ma'aikata: yadda za a haɗa sababbin tebura masu allo biyu

Assalamu alaikum.

Kafintoci sun gama kafa tebura 12 a ofishinmu na Nima jiya da yamma, kowanne da allon kwamfuta biyu masu inci 24. Daga Litinin kowa zai koma kan nasa. Jami'in kwamfutarmu mutum ɗaya ne, shi ya sa na rubuta wannan domin kowa ya haɗa da kansa, kada a yi masa layi.

A cikin aljihun teburinku akwai wayoyi huɗu: biyu na wuta, biyu na hoto. Ku kashe kwamfuta tukuna. Allon hagu na amfani da waya mai bakin HDMI, na dama kuma da mai bakin DisplayPort, sunayen suna rubuce a bayan kwamfutar kusa da ramukan. Bakunan biyu sun yi kama, amma na DisplayPort kusurwa ɗaya ce kawai aka yanke masa, kuma yana da ɗan maɓallin kulle da sai an danna kafin ya fita. Ranar Talata wajen gwaji wani ɗan'uwanmu ya fizge shi da ƙarfi, bakin ya tsaya a ciki, wayar ta zo hannunsa. Ba zan kama suna ba. Idan waya ta ƙi shiga, ku juya ta, kada ku tura.

Wayoyin wuta kuwa a soket mai kariya da ke ƙarƙashin tebur za a sa su, ba a bango ba. Kowa ya san halin dumso, dawowar wutar ita ke ƙona kaya fiye da ɗaukewarta. Kuma don Allah, wannan soket ba na butar shayi ba ne.

Ga inda na san za a fi kirana. Da kun kunna, wataƙila ku ga abu iri ɗaya a alluna biyun. Ba lalacewa ba ce. Ku danna Windows + P ku zaɓi Extend, kada ku zaɓi Duplicate. Nan take allo na biyu zai zama ƙarin fili, sai ku ja abu daga wannan ku ajiye a wancan. Dalilin sayen kayan ke nan: takardar kayan da suka iso tashar Tema a hagu, Excel a dama, ana dubawa ana cikewa. Rabin kurakuran lambar kwantena da nake gyarawa kowane ƙarshen wata daga buɗe wannan, rufe wancan suke fitowa, mutum ya riƙe lamba a ka har ta zame masa.

Idan kun tura maus zuwa dama sai ya tsaya cak a gefe, ko ya ɓullo ta hagu, to kwamfutar ta ɗauki hagu a matsayin dama. Ku shiga Settings > System > Display, ku danna Identify, lamba 1 da 2 za su bayyana a kan allunan. Ku ja akwatunan nan biyu su jeru yadda allunan suke a gabanku, gefensu na sama daidai da juna, sannan Apply. A wannan shafin ne kuma za ku zaɓi allon da kuka fi aiki da shi ku sa masa alama a Make this my main display. Display resolution ya zauna a 1920 x 1080. Wanda rubutu ya yi wa ƙanƙanta, irina, ya ɗaga Scale zuwa 125%.

Allo ɗaya ya ƙi kawo hoto? Ku duba ko an kunna shi, sannan ku danna maɓallin da ke jikinsa ku zaɓi mashigar da wayarsa take. In ya ƙi, ku koma shafin Display ku gwada Detect. In duk ya ƙi, a kira jami'in.

Wajen zama, saman allo ya yi daidai da idonku, nisansa kamar tsawon hannu. Mai aiki da biyun daidai wa daida ya haɗa su a tsakiya, su ɗan karkato ciki kamar littafi a buɗe. Mai aiki da ɗaya yawancin lokaci ya sa shi a gabansa sosai, ɗayan a gefe, in ba haka ba kafin la'asar wuya ya sage. 'Yan'uwa mata na sashen kuɗi, ku da kuke kusa da taga, ku juya allunan kada rana ta riƙa dukan fuskarsu.

Hunturu ya kusa, ƙura za ta yi yawa. Ƙyallen goge allo na cikin aljihun, a bushe za a yi amfani da shi. Kada a fesa ruwa a kan allo, kada a goge da hannun riga.

Tsofaffin allunan a kai su ɗakin ajiya ranar Juma'a kafin a tafi masallaci, kowa ya sa hannu a littafi. Ni da jami'in kwamfuta za mu zaga tebur-tebur ranar Litinin daga ƙarfe 9 zuwa 11.

Na gode, Allah ya taimaka.

Manajan ofis