Sashe na 6: Shawara (gyararre) — Rahoton Tsarin Samar da Ruwan Sha a Unguwar Tsamiya

Wannan sashen ya maye gurbin wanda ke cikin daftarin farko. A can an zaɓi janareta bisa hujjoji biyu: ya fi araha wajen saye, kuma mutanen gari sun saba da shi. Babu ko ɗaya cikinsu a jerin ma'aunan da kwamitin ruwa ya sa wa hannu a Sashe na 3. Kuɗin saye iyaka ce da aka gindaya, wanda ya shiga ƙarƙashinta ya wuce, ba a ƙara masa maki don ya rage canji. Sabo kuwa ba a ambace shi ba sam. Saboda haka an sake bin zaɓuɓɓukan da ma'aunan nan kaɗai. Alkaluman gwajin rijiya da na farashi suna nan yadda suke a Sashe na 4 da na 5.

6.1 Sharuɗɗan dole

Sharaɗi na farko, a samu lita 48,000 kowace rana, kowane wata na shekara, wato lita 20 ga kowane mutum cikin mutum 2,400. Na biyu, kada kuɗin aikin ya haura naira miliyan 30.

Famfon tuƙa-tuƙa ya faɗi tun daga nan. Guda ɗaya, in ana bugawa awa 10 ba hutu, yana ba da kamar lita 7,200, don haka sai an kafa bakwai. Rijiya ɗaya muke da ita, haƙa ƙarin shida zai kai kuɗin naira miliyan 38. Wutar gwamnati ma ta fita, domin layin da ya fi kusa yana da nisan kilomita 7, kuma jawo shi kaɗai ya fi ƙarfin kasafin. Saura biyu: famfon sumo da janareta a kan naira miliyan 19, da famfon sumo da sola a kan naira miliyan 26.

Sola na buƙatar bayani a nan, don yadda aka tsara ta a daftarin farko ba ta cika sharaɗin ruwa ba. Gwajin awa 24 ya nuna rijiyar na iya ba da lita 9,000 a awa ba tare da ta ja baya ba, ruwan kuma ya tsaya a zurfin mita 31. In aka haɗa da tsayin tanki da asarar da ake yi cikin bututu, famfon zai tura ruwa mita 46. Ɗaga lita 48,000 zuwa wannan tsayin na cin wuta kusan kilowat-awa 12 a rana, domin rabin wutar da famfon ke sha ce kawai ke komawa aikin ɗaga ruwa. Faifan sola 6 masu wat 450 da aka rubuta da farko za su iya wannan a watan Maris, lokacin da rana ke tsaye. A watan Agusta, da hadari ke rufe sama, ƙarfin ranar bai fi na awa huɗu da rabi ba, kuma lissafi ya nuna ana buƙatar aƙalla kilowat 3.6. Sharaɗin ya ce kowane wata, bai ware damina ba, ko da yake mun san wasu gidajen kan tari ruwan sama a lokacin. Don haka an mayar da faifan 10, kilowat 4.5, rarar kuma ta tafi ga ƙurar hunturu. Miliyan 26 ɗin da aka ambata ya haɗa da wannan ƙarin.

6.2 Ma'aunai masu maki

Kwamiti ya raba nauyi 100 kamar haka: kuɗin gudanarwa na shekara 10 ya ɗauki 40, sauƙin gyara a hannun masu gyaran yankin 30, rashin yankewar ruwa 20, saurin kammala aiki 10. Kowane zaɓi na samun maki daga 1 zuwa 5.

A kuɗin gudanarwa tazarar ba kaɗan ba ce. Janareta zai yi aiki awa biyar da rabi kullum, ya sha man dizal kamar lita 6.5. A farashin da aka yi amfani da shi a Sashe na 5, naira 1,300 kowace lita, kuɗin mai kaɗai ya zarce naira miliyan 3 a shekara. In aka raba wa gidaje 300, kowane gida zai riƙa fitar da kusan naira 860 duk wata, kafin a zo ga baƙin mai, da tace, da kuɗin makaniki. Cikin shekara 10 kuma da wuya a tsira daga sauke injin ko sayen sabo. Abin da sola za ta ci shi ne albashin maigadi da canjin kwantirola, na'urar da ke daidaita wutar faifai zuwa famfo, sau ɗaya. Janareta ya samu 1, sola 5.

A gyara, janareta ne kan gaba, kuma ba a rage masa komai ba: maki 5. Akwai makanikai biyu a kasuwar da ke kusa, kayan gyara kuma ana samunsu ranar kasuwa. Kwantirolar sola in ta ƙone sai an nemo mai gyara daga birni, abin da kan ɗauki kwanaki. Ta samu 3, saboda lalacewar tata ba ta cika faruwa ba.

Yankewar ruwa sun yi kunnen doki, 3 da 3. Sola na rauni in hadari ya jera kwanaki, tankin lita 30,000 kuma bai kai ruwan yini guda ba. Janareta bai damu da hadari ba, amma duk ranar da asusun kwamiti ya bushe, famfo ya tsaya. Saurin aiki: janareta 5, sola 4, saboda ginin katanga da kafa ƙarafan faifai.

Jimilla, da aka ninka kowane maki da nauyinsa, aka tara, aka raba da 5: janareta 60, sola 78.

An gwada ko sakamakon zai juya in aka taɓa nauyin. Da aka musanya na farko da na biyu, gyara ya koma 40, kuɗin gudanarwa 30, janareta ya hau 68, sola ta sauka 74. Ba sa yin daidai sai an sauke kuɗin gudanarwa zuwa 25 an ɗaga gyara zuwa 45. In kwamiti na ganin nauyin gyara ya kai haka, Sashe na 3 ya kamata a koma a gyara a fili, a zaman kwamiti.

6.3 Abin da ake ba da shawara

A kafa famfon sumo mai kilowat 2.2 da faifan sola 10 masu wat 450, a saita kwantirola kada ja ya wuce lita 9,000 a awa, a sa mata na'urar da ke kashe famfo in ruwa ya yi ƙasa.

Tunda a gyara ne sola ta yi rauni, nan za a kashe wani ɓangare na naira miliyan 4 da ta rage a kasafi. A sayi kwantirola ta biyu a ajiye a hannun ma'ajin kwamiti, kuma a sa a cikin kwangila cewa ɗan kwangila zai koya wa matasa biyu na garin yadda ake cire ta da ɗaura ta. A zaɓi kwantirola mai karɓar wutar janareta, ta yadda in hadari ya daɗe za a iya ɗauko na haya a jona na kwana ɗaya ko biyu.

Makin da sola ta samu ya dogara da abubuwa biyu da ke hannun gari: a wanke faifan sau biyu a mako daga Nuwamba zuwa Maris, da sassafe kafin su yi zafi, kuma a ɗauki maigadin dare tun ranar da aka sauke kayan. Ana roƙon kwamiti ya rubuta amincewarsa da waɗannan biyun, da sunan wanda zai riƙa biyan maigadin, kafin a fitar da takardar neman 'yan kwangila.