Wasiƙa zuwa ga Yayana kan taswirar haihuwata

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ga saƙonka, na kuma ga dariyar da ka jera a ƙarshensa. Ka ce ba ka taɓa zaton ƙanwarka mai ilimi za ta koma duba ba. A waya ba ka barin mutum ya kai aya, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka kira.

Da farko dai, abin da ke cikin takardar taswirar haihuwar nan ba ƙirƙira ba ne. Zane ne na yadda sama take a daidai lokacin da aka haife ni, daga wurin da aka haife ni. Da'ira ce mai digiri 360, an raba ta buruji 12, kowanne digiri 30, sannan an nuna inda Rana da Wata da Zahara da Mushtari da Zuhal da sauransu suka tsaya a wannan dare. Wannan ɓangaren lissafi ne zalla, ko masanin falaki da bai yarda da fassarar ba zai iya tabbatar maka da shi. Inda muke rabuwa da kai shi ne ma'anar da mutane suka ɗora a kai.

Kuma a nan ma ba mu rabu da nisa kamar yadda kake zato ba. Na san labarin Bertram Forer, masanin halayyar ɗan Adam, da ka turo. A 1948 ya ba ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya sak, kowa ya ɗauka nasa ne shi kaɗai, suka ba shi maki sama da 4 cikin 5. Na san gwajin Shawn Carlson na 1985, inda masu fassara taurari suka kasa haɗa taswira da halin mai ita fiye da yadda mai canki-canka zai yi. Har ma zan ƙara maka makami da hannuna: saboda karkatar duniya tana sauya fuska a hankali, zagaye ɗaya cikin kusan shekara 26,000, burujin da ake amfani da su a irin taswirata sun goce daga ainihin taurarin da kusan digiri 24. Takardata ta ce Rana tana Sunbula da aka haife ni a farkon Satumba, amma da za a iya ganin taurari da rana tsaka, cikin taurarin Asad za a gan ta. Duk na sani, Yaya. Ban ce Zuhal na juya rayuwata ba, ban kuma je wurin kowa ya gaya mini wa zan aura ko yaushe arziki zai zo ba. Gaibu na Allah ne, ban taɓa wasa da wannan ba.

To me ya rage? Bari in gaya maka yadda abin ya faro.

Ba a zana taswira sai da lokacin haihuwa, domin burujin da ke fitowa ta gabas yana sauyawa kusan duk bayan awa 2. Sai na je na tambayi Umma. Na ɗauka za ta ce da dare ne kawai ta ci gaba da aikinta. Sai ta tashi ta ɗauko tsohuwar jakar nan da take ajiye takardu, ta fito da katin asibiti duk ya yi ja, an rubuta 9:40 na dare da shuɗin biro. Ta daɗe tana riƙe da shi. Ta ce ta wahala a kaina fiye da ku duka, har ta fidda rai. Ta ce kai kuma, kana ɗan shekara 7, ka ƙi barci, ka zauna bakin ƙofa da takalminka a ƙafa wai sai an kai ka ka ga jaririya. Shekara 24 ina gidan nan ba wanda ya taɓa ba ni wannan labarin, don ban taɓa samun dalilin tambaya ba.

Da aka zana, sai ga Saur yana fitowa ta gabas, Wata kuma yana Aƙrab, can yamma, ɗan siririn jinjiri na kwanaki kaɗan yana shirin faɗuwa. Masu fassara suna cewa mai Saur a gabas ana ganinta da sanyin hali da haƙuri, mai Rana a Sunbula ba ta gajiya da gyara da tsinto kuskure, musamman nata. Shi kuwa Wata a Aƙrab, wai mai shi tana jin abu har ƙashi amma ba ta faɗa, tana adana ɓacin rai, ba ta saurin sakin jiki da mutane. Ya kuma faɗo a gida na bakwai cikin gidaje 12 da ake raba taswirar, wanda suke danganta shi da mu'amala da na kusa.

Za ka ce wannan ya dace da rabin mutanen duniya. Na yarda. Amma ka tuna me ake ce mini tun ina ƙarama: Auta ba ta da matsala, Auta ba ta fushi. Kai ma haka kake gabatar da ni ga abokanka. Na ɗauki wannan suna na sa shi kamar riga, duk ranar da raina ya ɓaci sai in ga kamar na ci amanar gidan. Takardar nan ce ta fara nuna mini mace mai sanyi a fuska da zafi a ciki, ta ajiye su gefe da gefe ba ta ce ɗaya ƙarya ne ba, ba ta kuma ce in tuba daga ɗayan ba. Ko da a ce sa'a ce kawai ta sa ta dace, tambayar da ta jefo mini ta gaske ce: me ya sa nake shiru alhali ana ƙuntata mini?

Ka tuna ƙawata da muka yi wata da watanni ba ma magana? Kullum ita ke yanke mana shawara, ni kuma in bi, in dawo ɗaki ina cizon yatsa, har ranar da na daina ɗaga wayarta ba tare da na ce mata uffan ba. Kwanan baya na same ta na faɗa mata abin da ke raina, muryata na rawa. Ta ce wallahi ba ta taɓa sanin ina jin haushi ba. Wata bai aike ni ba, ni na kai kaina. Sai dai da ban samu kalmomin da zan kira halin nan da su ba, da har yanzu muna gaba.

Akwai abin da ban ɗauka ba a ciki. An ce masu Sunbula suna da tsari, kai kuwa ka san ɗakina. An kuma ce in shirya wa dawowar Zuhal, don yana kammala zagayensa cikin kusan shekara 29 da rabi, wai lokacin rayuwa ke girgiza mutum. Ni a ganina duk wanda ya doshi 30 zai yi wa kansa hisabi, ko da tauraro ko babu. Masu tsoratar da mutane da irin wannan don su karɓi kuɗinsu, ina bayanka a kansu ɗari bisa ɗari. Duk ranar da ka ji na fasa tafiya ko na ƙi wani aiki don taswira ta ce, ka zo ka ƙwace ta, na ba ka izini.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ba sai ka yarda ba. Ka dai daina yi mini ba'a a gaban mutane, yana yi mini ciwo, kuma a da ba zan iya faɗa maka haka ba. Katinka ma yana cikin jakar Umma, na gan shi, amma ban duba lokacin ba, ba kuma zan duba ba sai ka ce.

Ka gaishe mini da Anti da yara. In za ka kira, ka bari sai Asabar da yamma, lokacin na samu sarari.

Ƙanwarka,
Auta