Bashin Yadi Biyar

Saura kwana tara Babbar Sallah, layin 'yan atamfa na Kasuwar Barci ko wurin ajiye ƙafa babu. Masu baro na ta ihun "hanya, hanya!", janaretocin teloli na ruri tun hantsi saboda an ɗauke wuta, wani mai rago da ya yanko ta cikin kasuwar yana ta shan zagi wurin mata. Sau uku Nura yana fitowa daga shagonsa da leda a hammata, sau uku yana komawa. A na huɗun yaron shagonsa ya ce, "Oga, in ba za ka iya ba kawo in kai mata." Ya harare shi, ya gyara zaman hularsa, ya kutsa cikin mutane.

Abin da ya hana shi barci jiya, labarin da Sadiku ƙanen Zainab ya tsegunta masa ne a bakin masallaci: wani ɗan kasuwar Kantin Kwari, wanda ke yi wa mahaifinsu Alhaji Sule sarin leshi daga Kano, zai turo mutanensa ranar Juma'a. Yau ga Litinin.

Zainab na tsaye a bakin kanta tana rubutu a littafin bashi. Tun da ta gama difloma a Foli mahaifinta ya damƙa mata lissafin shagon, tun daga lokacin kuma 'yan cin bashi suka rage sakewa. Nura ya yi sallama, sai da ta amsa sannan idonsa ya kai ciki, gabansa ya faɗi. Alhaji Sule na zaune a kan darduma da carbi. Goggo Asabe ta baje turamen atamfa a cinya tana zaɓen kayan lefen ɗanta. A kan benci kuwa Hajiya Iya ce, kakar Zainab, wadda ba ta zuwa kasuwa sai shekara-shekara, tana ɓare goro.

Ya durƙusa har ƙasa. "Alhaji barka da kasuwa. Goggo ina wuni? Hajiya, an zo lafiya?"

"Kai ne telan da ya ɗinka mini riga kamar buhun gero?" in ji tsohuwar. "To na fasa auren, ka nemi wata."

"Tuba nake, Hajiya. Ta Sallah kyauta ce."

Alhaji ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya jawo rediyonsa ya kara a kunne. Nura ya dawo bakin kanta ya ajiye ledar.

"Ga ɗinkin."

Ta buɗe, ta duba wuyan rigar da bakin hannun. "Ai sai jibi ka ce, Malam Nura. Yau kuma tela ya cika alkawari kafin lokaci? Allah ya sa lafiya."

"Lafiya lau. Magana ce da ni."

"In ta bashin shaddar nan ce, yadi biyar ne, na rubuta tun watan jiya."

"Ba ita ba ce."

Ta ɗago ta dube shi sau ɗaya, ta mayar da kai kan littafin. Biron da ke hannunta bai sake motsi ba. Wata mata ta tsaya tana taya wani turmi, Goggo Asabe ta yi wuf ta ce, "Zo nan baiwar Allah, ni zan sallame ki," ita da ko farashin ɗankwali ba ta sani ba a shagon.

Nura ya rage murya. "Zainab, na san nan ba wurin wannan magana ba ne. Da so samu ne a ƙofar gidanku zan tsaya bayan isha'i, in aika yaro ya yi mini sallama da ke kamar yadda kowa ke yi. To an ce mini akwai masu zuwa Juma'a, ni kuwa in na yi shiru har Juma'a ban yi wa kaina adalci ba." Ya haɗiye yawu. "Ba ni da abin da mutumin Kano yake da shi. Keke uku gare ni da yara biyu a shago. Lokacin da aka rushe kasuwar nan a 2020, a zauren gidanmu na Tudun Nufawa na koma ɗinki, ban ci kuɗin kowa ba, Alhaji shaida ne. Na kafa ɗaki biyu a Rigasa, ɗaya an yi rufi, ɗayan sai bayan Sallah. Ina sonki da aure. In kin ba ni dama, Baffa Isa zai zo ya ga Alhaji."

Mai baro ya danno da dilar gwanjo, dole Nura ya manne da kanta har gwiwarsa ta bugi katako. Sadiku, wanda aka aika sayo ruwan leda tun ɗazu, ya ƙyalƙyale da dariya daga bayan tulin leshi.

Zainab ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. "A gaban Baba za ka yi mini haka?"

"Na rasa yadda zan yi ne."

"Wata nawa kana zuwa sayen zare a shagon da ba a sayar da zare?"

Ya sosa ƙeya. "Kin lura ashe."

"Kowa a layin nan ya lura. Har mai shayi ya tambaye ni." Ta juya shafin littafin ba tare da ta karanta komai ba. "Aikin nan da nake yi wa Baba fa? Ba zan bari ba."

"Ni na isa in hana? Nawa shagon ma lissafinsa a kwance yake."

"Inna kuma? Da ita za mu zauna?"

"Ɗakin da aka rufa nata ne. Ba zan ɓoye miki ba, ba ni da inda zan kai mahaifiyata."

Ta yi shiru har sai da ya fara jin zufa na bin bayansa. Sannan ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Da ka ce za ka bar ta a Tudun Nufawa, da na ce ka ɗauki ledarka. Mutumin Kano ban taɓa yi masa magana ba. Sauran kuma ba a bakina za ka ji ba, ina da iyaye."

"Me ya ce?" Hajiya Iya ta ɗaga murya tana zungurin Goggo. "Kunnen nan nawa! Asabe, me yaron ya ce?"

"Iya, ɗinki suke magana."

"Ɗinkin ƙaniyarki. Ni za a yi wa kishiya ina zaune?"

Goggo ta kai hannu hanci za ta rangaɗa guɗa, Alhaji ya yi gyaran murya, ta mayar da hannun kan atamfa. Zainab kuwa tuni ta shige bayan labulen shaddoji, ba a ganin komai nata sai silifas.

Alhaji Sule ya ajiye rediyon, wadda ko kunna ta bai yi ba. Ba ya kiran sunan Zainab, 'yar fari ce, don haka ya ce, "Ke, fito ki ba Goggonki lissafinta." Sannan ya yafito Nura. Ya sake durƙusawa, wannan karon har hularsa na neman faɗuwa.

"Ni da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, shekara 11 muna shiga mota ɗaya zuwa masaƙa a Kakuri, har aka rufe ta kowa ya kama gabansa. Bai koya maka cewa ba a wannan cinikin a kasuwa ba?"

"Ya koya mini, Alhaji. A gafarce ni."

"Isa yana nan a Unguwar Sanusi?"

"Yana nan."

"Ka ce masa ina gida ranar Laraba bayan isha'i. Ban ce na ba ka ba, ka ji ni da kyau. Sai na ji ta bakin uwarta, sai na ji nata a inda babu masu baro."

"Na gode, Alhaji. Allah ya ƙara girma, Allah ya..."

"Tashi, mutane na jiran ɗinkin Sallarsu."

Ya miƙe yana laluben takalminsa, ya sa na dama a hagu. Har ya kai bakin layi muryar Zainab ta biyo shi, ta koma irin wadda take yi wa kowane mai bashi.

"Malam Nura! Yadi biyar ɗin nan fa?"

"Gobe da safe, in sha Allahu!"

"Ya biya kafin Laraba," in ji Hajiya Iya, tana miƙa wa Sadiku ɓarin goro ya kai masa. "Ba ma ba da 'ya ga mai bashi."