Taswirar Shirin Riƙe 'Yan Mata a Makaranta: Daga Aji 6 Zuwa Ƙaramar Sakandare

Wannan takarda ta kwamitin kula da makarantun mazaɓarmu ce a ƙaramar hukumar Rimi, jihar Katsina. Ta shafi firamare 3 da ƙaramar sakandare 1, na tsawon shekarar karatu biyu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne kuma dole ne, amma a wajenmu yarinya takan tsaya a shekara ta shida. Ana gama aji 6 sai faranti ya hau kai, daga nan sai maganar miji. Wannan giɓin shirin ya nufa.

Abin da za a zuba

Naira miliyan 18 daga masu tallafi da ƙungiyar 'yan asalin garin mazauna birni. Malamai mata 4, ƙungiyar iyaye mata ta kowace makaranta, dagaci da limaman Juma'a, sai rajistar kiran suna. Gini ba namu ba ne: azuzuwa aikin gwamnati ne da shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Katsina ke cikin jihohinsa na farko.

Ayyuka da abin da kowanne zai haifar

Babban aikin shi ne tallafin uwa. Za a ba mahaifiyar kowace yarinya cikin 120 da ke aji 6 naira 15,000 a zango, har zango 6, wato naira miliyan 10.8. Mun ba shi fiye da rabin kuɗin da gangan. Uwar da ke kulle ba ta da hanyar fitar da ƙosai ko ƙuli-ƙulinta sai ta hannun 'yarta, kuma da ribar tallan nan ake tara kayan ɗaki. In aka ce mata ta bar yarinya ta zauna a aji ba a cike mata gurbin ba, za ta ce to, ranar kasuwa kuma ta ɗora mata faranti. Saboda haka kuɗin hannun uwa zai shiga, a gaban ƙungiyar iyaye mata, bisa sharaɗin yarinya ta halarci aƙalla kwana 4 cikin 5. Za a kuma ƙarfafa iyayen su zuba wani abu a adashi domin jari ya tsaya bayan shiri ya ƙare.

Na biyu, banɗaki mai ƙyaure da sakata, ɗaki 4 na mata zalla a sakandaren, da gyaran famfon tuƙa-tuƙa, da rabon audugar mata kowane zango. Yarinyar da ta fara al'ada ba za ta yini inda babu ruwa ba, kuma ba za ta faɗa wa malami namiji dalili ba.

Na uku, darasin karatu da lissafi na awa ɗaya bayan tashi, a kammala kafin lokacin Islamiyya. Sai zama da iyaye maza a ƙofar gidan dagaci sau ɗaya a zango, da tafiya rukuni-rukuni ga 'yan ƙauyukan nesa.

Abin da za a ƙirga nan take

Iyaye mata 120 sun karɓi tallafi a kan lokaci. Banɗaki da famfo suna aiki. An yi zama 6 da iyaye maza.

Sauyin da ake nema

Waɗancan ƙidayar aiki ce kawai, ba su ne nasara ba. A shekarar farko muna son aƙalla 'yan mata 100 su shiga aji 1 na sakandare. A ƙarshen ta biyu, 90 su kasance har yanzu suna aji kuma suna iya karanta shafi guda na Hausa ba gargada. Sunan da ke rajista ba zai gamsar da mu ba, domin suna yakan shekara a littafi mai shi tana ɗakin miji. Wakiliyar iyaye mata za ta shiga aji ta ƙirga kai da kanta ranar kasuwa da lokacin girbi, ba tare da sanarwa ba.

Babban buri shi ne su kai aji 3 su zana jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ƙannensu su bi sahu.

Abin da muka jingina da shi

Cewa tsaro zai bar makaranta a buɗe, ba za a ɗauke malaman mata zuwa birni ba, kuma tsadar kaya ba za ta cinye darajar tallafin ba. Na ukun ne a hannunmu: za a sake duba adadin a farkon shekara ta biyu. Yarinyar da ta yi fashin mako guda, shugabar iyaye mata za ta je gidansu cikin kwana 3, ta rubuta dalilin da aka ba ta, ta miƙa wa sakataren kwamiti.