Amsar intabiyu: idan rukuni ɗaya ya rinjayi ɗaya a cikin bayanai

Tambayar da shugabar kwamitin ɗaukar ma'aikata ta yi, a wani bankin ba da ƙananan rance a Gombe:

"Malam Usman, a ce muna da rance 20,000 da muka ba manoma da 'yan kasuwa daga Kumo zuwa Bajoga, 600 ne kawai ba a biya ba. Muna son modal da zai nuna mana wanda zai gaza biya tun da wuri, mu tura masa jami'i. Sake jera bayanai, nauyin rukuni, ko matsar da iyakar yanke hukunci: wanne za ka ɗauka, kuma me ya sa?"

Ranki ya daɗe, zan fara da matsar da iyaka, wato makin haɗarin da in mutum ya kai shi za a tura masa jami'i. Amma kafin in taɓa ko ɗaya daga cikinsu, sai na gyara ma'aunin da zan auna aikin da shi, don a nan aka fi yin tuntuɓe.

600 cikin 20,000 kashi 3 ne cikin 100. Idan na rubuta modal da bai san komai ba sai cewa "kowa zai biya", `accuracy` zai nuna kashi 97, alhali ko mutum ɗaya bai kama ba. Don haka abu biyu zan duba. Na farko `recall`: cikin mutum 600 ɗin nan, nawa muka gano? Na biyu `precision`: cikin waɗanda muka tura wa jami'i a kan babur, nawa ne da gaske suke cikin matsala? Zan zana layin da ke haɗa su biyun in auna `average_precision`, ina sane cewa mai yin canke kawai zai samu kusan 0.03. Zan kuma raba bayanan da `stratify=y` don kashi 3 ɗin ya tsaya daidai a ɓangaren horo da na gwaji. In akwai kwanan wata ma, na fi son in horar da tsofaffin rance in gwada da sababbi, tunda haka aikin zai kasance a zahiri.

To, sake jera bayanai. Ko dai a rage masu yawa, ko a ƙara marasa yawa. Idan aka rage, za a ɗauki 600 daga cikin 19,400 da suka biya, a zubar da 18,800. Horo zai yi sauri, amma an watsar da bayanan da jami'anku suka sha rana suka tattaro. Da layuka miliyoyi ne, da na yarda. A 20,000 babu dalili. Idan kuma aka ƙara ta hanyar kwafi, kowane mutum cikin 600 ɗin zai bayyana kusan sau 32, kuma modal mai zurfi, irin bishiyar yanke hukunci da ba a datse ba, haddace su zai yi kamar karatun allo.

SMOTE, wanda Chawla da abokan aikinsa suka fitar a 2002, ya yi ƙoƙarin kauce wa wannan. Yana ɗaukar mutum ɗaya daga ƙaramin rukuni, ya duba maƙwabtansa mafi kusa, yawanci biyar, ya zaɓi ɗaya, sai ya ƙirƙiri sabon layi a wani wuri tsakaninsu. Dabara ce mai kyau a inda duk bayanan lambobi ne. Amma ku duba naku bayanan. Akwai sana'a, akwai ƙaramar hukuma. Manomin shinkafa na Dadin Kowa da mai shagon tireda a Tudun Wada, me ke tsakaninsu? Babu wani mutum da rabinsa manomi ne rabinsa ɗan tireda. Akwai `SMOTENC` da aka yi domin irin waɗannan ginshiƙai, sai dai ko shi bai ƙara mana labarin da babu a cikin 600 ɗin ba. Kuma idan wanda aka ɗauka yana zaune ne a tsakiyar masu biya, sababbin layukan ma can za su faɗa, su ƙara dagula iyakar.

A nan ni kaina na taɓa ƙonewa. A wani aiki da na yi bayan bautar ƙasa, na yi SMOTE a kan dukkan bayanan, sannan na raba su. Sakamako ya yi kyau har na kira abokina ya zo ya gani. Da aka kawo bayanan sabon wata, sai modal ya zube. Ashe layukan da aka ƙirƙira daga mutum ɗaya sun watsu, wasu a horo wasu a gwaji, kamar a ba ɗalibi takardar jarrabawa tun daren jiya. Tun daga ranar, in zan sake jera bayanai, a cikin `Pipeline` na `imbalanced-learn` nake sa shi, wanda ke taɓa ɓangaren horo kaɗai a kowane zagaye. Bayanan gwaji kuwa a bar su da kashi 3 ɗinsu.

Nauyin rukuni ya fi wannan tsafta. Ba a ƙara layi, ba a cire layi. Ana gaya wa modal ne cewa kuskure a kan ƙaramin rukuni ya fi tsada. A `scikit-learn`, `class_weight="balanced"` yana lissafa nauyin da `n_samples / (n_classes * np.bincount(y))`. A misalinku, wanda bai biya ba zai samu kusan 16.7, wanda ya biya kusan 0.52, wato ninki 32 tsakaninsu. A XGBoost `scale_pos_weight` ke yin wannan aikin. Layi ɗaya ne a rubuce, kuma ba ya jawo yoyon bayanai tsakanin horo da gwaji da na faɗa.

Sai dai akwai illar da nauyi da sake jerawa suka yi tarayya a kanta, kuma ita ce dalilin da ya sa ban fara da su ba. Dukansu suna koya wa modal cewa rabin mutanen duniya ba sa biyan bashi. Lambar da zai fitar ta daina zama yiwuwa ta gaskiya. Mu lissafa. Mutumin da haɗarinsa na gaskiya kashi 10 ne, rabonsa 1 ne ga 9. A ninka da 32, ya koma kusan 3.6 ga 1, wato modal zai ce kashi 78. Idan manajan reshe ya ga 78 a kan allo, zai ɗauka mutumin ya riga ya gudu. Idan kuma sashen kuɗi ya yi amfani da lambobin wajen ƙiyasta abin da za a ware don asara, lissafin zai kumbura ba gaira ba dalili. Wani bincike na van den Goorbergh da abokan aikinsa a 2022, a kan modal na hasashen cuta, ya samu haka: gyaran rinjaye ya ɓata daidaiton yiwuwa, bai kuma inganta bambancewa tsakanin masu cutar da marasa ita ba, sannan matsar da iyaka kawai ya ba da kusan abin da ake nema. Ana iya gyara lambobin daga baya, a raba rabon da 32 ɗin ko a yi amfani da `CalibratedClassifierCV` a kan bayanan da ba a taɓa ba. Amma wannan ɗaure kai ne don a zo a kwance.

Ga abin da nake ganin shi ne zuciyar tambayar. A modal irin `LogisticRegression`, babban abin da nauyin ke yi shi ne tura dukkan makin sama. Jerin mutanen, daga mafi haɗari zuwa mafi aminci, ba ya cika canjawa sosai. Yanke hukunci a 0.5 bayan an daidaita rukunai kusan ɗaya yake da yankewa a 0.03 ba tare da an daidaita komai ba. To tunda haka ne, gara in bar modal ya faɗi gaskiyarsa, ni in zaɓi inda zan yanke. Ita 0.5 ɗin ba wahayi ba ce. Tana daidai ne kawai idan kuskuren biyu tsadarsu ɗaya.

A wurinku kuwa ba ɗaya ba ce. A ce tura jami'i wurin wanda dama zai biya yana cin naira 2,000, mai da lokaci. A ce kuma barin wanda zai gaza ba tare da ziyara ba yana jawo asarar naira 38,000 fiye da yadda za a yi da an je. Idan yiwuwar da modal ke bayarwa daidai take, iyakar ita ce `C_FP / (C_FP + C_FN)`, inda `C_FP` tsadar ziyarar banza ce, `C_FN` kuma asarar rashin ziyara, wato 2,000 a kan 40,000, 0.05 ke nan.

```python
p = model.predict_proba(X_val)[:, 1]
ziyara = p >= 0.05
```

Idan ba a san tsadar da wannan tabbacin ba, sai a nemo iyakar a ɓangaren tantancewa, ba a bayanan gwaji na ƙarshe ba. Daga `scikit-learn` 1.5 akwai `TunedThresholdClassifierCV` da ke yin hakan. Wani lokaci ma lissafin ya fi haka sauƙi: in jami'anku mutum 150 kawai za su iya kaiwa a mako, a jera sunaye a ɗauki 150 na sama.

Wani daga cikin kwamitin ya katse shi: "Wato kana cewa sauran biyun ba su da amfani?"

A'a, yallaɓai, suna da wurinsu. Matsar da iyaka ba ya gyara modal da bai koyi komai ba. In jerin bai da kyau, duk inda na yanke, shirme zan samu. Akwai lokacin da rinjayen ya yi tsanani har koyon kansa ya lalace, misali ɗaya cikin dubu goma, inda modal mai koyo kashi-kashi zai wuce kashi da yawa bai ga ko ɗaya daga ƙaramin rukuni ba, ko bishiya ta ƙi rabuwa saboda su. A nan zan sa nauyi, kuma ba dole sai 32 ba. Zan gwada 5, in gwada 10, in ga ko `average_precision` ya motsa. In bai motsa ba, in cire. Rage masu yawa zan yi idan bayanan sun fi ƙarfin na'ura. SMOTE shi ne na ƙarshe a layi, kuma sai ya doke modal mai sauƙi a gwaji iri ɗaya kafin in bar shi ya shiga aiki.

Kuma in da za ku ba ni zaɓi tsakanin duk waɗannan dabarun da ƙarin bayanai na gaskiya, bayanan zan ɗauka. Zan so in zauna da jami'an rance in ji yadda aka rubuta "bai biya ba". Manomin da ya jinkirta wata biyu yana jiran ya sayar da masara bayan kaka, an haɗa shi da wanda ya ɓace gaba ɗaya? In an haɗa su, 600 ɗin nan ba rukuni ɗaya ba ne, kuma ninka su sau 32 ninka ruɗanin ne.

Abu na ƙarshe da ya sa nake son iyaka a wannan aikin: tana canjuwa ba tare da an sake horo ba. Lokacin da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin zuwa Kaltungo a dawo ya tashi. Da ziyara za ta koma naira 4,000, sauran lissafin yana nan yadda yake, iyakar za ta tashi daga 0.05 zuwa kusan 0.095. Lamba ɗaya zan canja, in rubuta dalilin a takarda, manaja ya sa hannu.