Wasiƙar Miƙa Maƙala ga Babban Editan Mujallar Himma

Daura, Jihar Katsina,
14 ga Afrilu, 2025.

Babban Edita,
Mujallar Himma,
Sashen Harsunan Nijeriya,
Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa,
Katsina.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

MIƘA MAƘALA MAI TAKEN "BAYAJIDDA A BAKIN TSOFAFFI MATA: YADDA AKE BA DA LABARIN KUSUGU A GIDAJEN DAURA DA ZANGO DA ƁAURE"

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da wannan wasiƙa akwai maƙalata mai taken da ke sama, ina roƙon a duba ta ko za ta dace da shiga mujallarku. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Daura, kuma wannan ne karo na farko da na miƙa rubutu ga mujallar ilimi. Maƙalar ta samo asali ne daga babi na huɗu na kundin digirina na biyu, amma na sake mata gini, na kuma ƙara mata hirarrakin da na yi a Zango da Ɓaure bayan an karɓi kundin.

Na san da Malam ya ga sunan Bayajidda zai ce, me kuma ya rage a faɗa? Tambayar tana kan hanya, don haka bari in amsa ta tun kafin masu tantancewa su yi ta.

Kusan duk muhawarar da masana suka yi a kan wannan labari ta tsaya ne a wuri guda: an yi Bayajidda ko ba a yi ba, in an yi shi wane ne, daga ina ya zo. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri, ya kawo Bawo a matsayin bawan Sarkin Barno. Palmer ya buga labarin da Turanci a 1928, ya kuma karkata ga cewa Bayajidda yana da alaƙa da Abu Yazid, wanda ya yi wa Faɗimawa tawaye a Afirka ta Arewa, ya rasu a 947. Hallam ya bi wannan layi a 1966. Abdullahi Smith, a 1970, ya juya akalar gaba ɗaya, ya ce a nemi asalin sarautun Hausa a bunƙasar ƙauye zuwa gari zuwa birni, a daina jingina komai ga zuwan baƙo. M. G. Smith, a littafinsa na 1978, ya zauna a kan tsarin sarautar Daura da Zango da Ɓaure. Dierk Lange ya nemi tushen labarin a bukin Gani, ya kai shi har tsohuwar Gabas ta Tsakiya. Duk saɓaninsu, abu ɗaya ya haɗa su: labarin da suke tafka muhawara a kansa daga fada ya fito, ko daga girgam, ko daga alƙalamin malamai. Wato bakin maza ne, maza masu kusanci da mulki.

Ni ban shiga wannan muhawara ba, kuma maƙalar ba ta ce uffan a kan ko an yi Bayajidda. Abin da na tambaya shi ne: tsohuwar da ba ta shiga aji ba, ba ta kuma taɓa zama a zauren fada ba, in jikokinta suka ce ta ba su labarin rijiyar Kusugu, me take faɗa, me take tsallakewa, a ina take jan magana? A iya abin da na karanta da Hausa da Turanci, ban ci karo da aikin da ya ɗora nazarinsa kacokan a kan wannan ba. Sabon abin da na kawo ke nan.

Da na saurare su, sai na tarar tsarin labarin ya sauya. A na littafi, rabin zancen tafiya ce: Bagadaza, Barno, auren Magira, gudu, Garun Gabas inda aka haifi Biram, sannan maƙeran Gaya da suka ƙera wuƙa. Mafi yawan tsofaffin da na zauna da su a jimla biyu suke gama wannan, wasu ma ba sa ambaton sunansa sai can gaba, "baƙo" kawai suke cewa. Labarinsu daga ƙishirwa yake farawa: gari guda, rijiya guda, ba a ɗiba sai ran Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki. Daga nan sai Ayana. Wadda littattafan makaranta ke wucewa da "wata tsohuwa" ita ce mai ɗaukar lokaci a bakinsu: yadda ta karɓi baƙon dare, kunyar da ta ji na rashin ruwan da za ta ba shi, gargaɗin da ta yi masa, guga da ta miƙa masa ranta bai so ba. Mace da ta san abin da ake nufi da tulu ya ƙafe alhali ga baƙo a ƙofa ba za ta wuce wannan wuri da sauri ba. Na ware wa Ayana sashe guda, kuma a ganina shi ne sashen da ya fi ƙarfi.

Haka nan maganar Daurama da Bagwariya. A fada da littafi, wannan wuri bayanin nasaba ne: ta Bawo aka sami sarakunan Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano, in aka haɗa da Biram su zama Hausa Bakwai, ta Karɓagari kuma aka sami Banza Bakwai. A cikin gida kuwa labarin kishi ne. Ƙwarƙwara Bagwariya ta haihu ta sa wa ɗanta Karɓagari, sunan da ke nuna gari ya zama nasu, uwargida Daurama ta haihu ta mayar da martani da nata sunan, Bawo, wato "a ba mu garinmu". Tsofaffin suna ba da shi da dariya da tafa hannu, suna kawo misalan irin wannan habaici na suna daga unguwanninsu. Na kafa hujja da cewa wannan karatu nasu bai gaza na masu nasaba daraja ba, domin yana bayyana dalilin da ya sa sunayen biyu suka zauna daram a ƙwaƙwalwar mutane, alhali jerin garuruwan Banza Bakwai kowa da irin nasa.

Zango da Ɓaure sun ba da wani abu daban, ko da yake na taƙaita shi. Malam ya san bayan Malam Isiyaku ya karɓi Daura a farkon jihadi, zuriyar Sarkin Gwari Abdu ta watsu, daga baya ta kafu a waɗannan garuruwa, sai a farkon mulkin Turawa aka dawo da Malam Musa daga Zango ya hau gadon Daura. Wasu daga cikin masu ba ni labari a can ba sa tsayawa a haihuwar Bawo. Sukan zarce da fita da dawowa kamar duk zance ɗaya ne, sai "a ba mu garinmu" ya ɗauki ma'ana ta biyu. A cikin birni ban ji an yi wannan haɗi ba.

Akwai ƙorafin da na san za a yi, ni ma da ni ce mai tantancewa da shi zan fara. Labarin nan ya daɗe a littattafan firamare da rediyo, kuma kullum ana maimaita shi ga baƙi a bakin rijiyar. Ta yaya za a san abin da tsohuwa ta faɗa gado ne daga kakarta, ba abin da jikanta ya dawo da shi daga makaranta ba? Saboda haka na sa kowace mai magana ta fara gaya mini wurin wanda ta ji labarin da inda ta yi ƙuruciya. Na kuma fitar da alamomin da ke tona zancen littafi, kamar jero garuruwa bakwai-bakwai ba tuntuɓe, da kiran baƙon da sunan Abu Yazidu, da ambaton ƙarni. Ruwayar da waɗannan suka yi yawa a cikinta na ajiye ta a rukuni dabam, ban zubar ba, domin ita ma shaida ce ta yadda bugu ke komawa baki. Ina ganin wannan hanya za ta yi wa mai aiki a kan labarin Sarauniya Amina ko na Barbushe amfani, tunda su ma makaranta ta riga mai rikoda isa gidaje.

Ban ce ruwayar mata ta girmi ta fada ba, ban kuma ce ta fi ta gaskiya ba. Hujjojina ba su kai nan ba, kuma na yi ƙoƙari kada ƙaunar da nake wa iyayen nan ta ja ni in faɗi abin da ya wuce abin da suka ba ni. Iyakar iƙirarina shi ne labarin yana da rai fiye da ɗaya a ƙasar Daura, kuma wanda aka buga guda ne daga ciki. Garin da ya yi jerin sarauniyoyi tun daga Kufuru, wanda har gobe ake naɗa Magajiya a cikinsa, bai kamata a ce ba a taɓa tambayar matansa yadda suke ba da labarin asalinsa ba.

Ina da roƙo biyu. Maganganun da na ɗauko na bar su da Daurancinsu yadda suka fito, ban mayar da su daidaitacciyar Hausa ba; in an karɓi maƙalar, don Allah mai gyaran rubutu kada ya taɓa su, don ba kuskuren ɗab'i ba ne. Sannan in da hali, a sa masanin adabin baka cikin masu tantancewa tare da masanin tarihi, saboda wanda ya auna ta da ma'aunin tarihi kaɗai zai nemi amsar tambayar da ban yi ba.

Ina tabbatar wa Malam cewa aikin nawa ne ni kaɗai, ba a buga shi a ko'ina ba, ba ya kuma gaban wata mujalla a yanzu. Ba wata hukuma da ta ɗauki nauyinsa. Duk wadda na naɗi muryarta sai da na nemi yardarta da ta mutanen gidanta, kuma waɗanda suka ce kada a ambace su na sakaya sunayensu. Sautin hirarrakin yana hannuna in masu tantancewa sun buƙaci ji. Cikakken sunana da adireshina na sa su a takarda dabam, na kuma cire duk abin da zai nuna ni daga jikin maƙalar.

A shirye nake in karɓi gyara, babba ko ƙarami. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya saka da alheri.

Wassalam.

Taku ɗaliba,
Marubuciyar maƙala,
Daura.